Likita Ya Sallame Shi, Amma Ƙarfin Bai Gama Dawowa Ba: Yadda Ake Tsara Maganar Komawa Aiki Bayan Doguwar Jinya

Idan ma'aikaci ya yi wata biyu ko uku yana jinya, likita ya sallame shi, ran Litinin aka gan shi a bakin aiki da sabuwar hula, shin ya dawo ke nan? Yawancinmu za mu ce ya dawo mana. Za a yi masa barka da arziki, a yi addu'a, shugaba ya miƙa masa aikinsa cif yadda ya bari. Bayan mako uku sai a ji ya sake kwanciya, ko kuma a fara ƙorafi a bayan idonsa: "An ce ya warke, to me ya sa kullum yake tashi kafin azahar?"

Wannan ƙorafi na sha jin sa a ɗakin malamai, domin na yi shekaru ina mataimakin shugaban wata makarantar sakandare, mai kula da sha'anin mulki. Abin da na gane shi ne, matsalar ba kasafai take fitowa daga rashin tausayi ba. Mutanenmu suna da tausayi, suna zuwa dubiya, suna haɗa gudummawa. Abin da ke ɓacewa shi ne magana tsararriya: wa zai san me, wa zai faɗa, yaushe za a sake zama a duba ko tsarin yana tafiya. Hausawa sun ce cuta ke shiga farat ɗaya, sauƙi sai a hankali. Muna faɗar haka a gefen gadon majinyaci, amma idan ya zo wurin aiki sai mu manta.

Mene ne komawa aiki mataki-mataki?

Tsari ne da ma'aikaci da shugabansa suke amincewa da shi, bisa shawarar likita, cewa mutum zai fara da ɗan abin da jikinsa zai ɗauka, a riƙa ƙara masa a hankali har ya kai cikakken aikinsa a cikin wa'adi sananne. Abin da ake ragewa yakan zama kwanakin zuwa aiki, ko awannin yini, ko nauyin aikin kansa. Wa'adin yakan kama daga mako huɗu zuwa takwas, wani lokaci ya wuce haka idan cutar mai tsanani ce.

A wasu ƙasashe abin yana da gurbi a hukumance. A Birtaniya, tun shekarar 2010 aka sauya takardar da likita ke bayarwa. A da ko dai a ce mutum ba shi da lafiya ko a ce ya warke. Sabuwar takardar ta ba likita damar cewa mutum zai iya aiki idan an yi masa wasu gyare-gyare, kuma akwai gurabe huɗu a jikinta: komawa mataki-mataki, sauya awanni, sauya irin aikin, ko gyara wurin aikin. A Jamus kuwa, mai komawa ta wannan hanya ana ci gaba da lissafa shi a matsayin mara lafiya har ya gama matakan, kuma yawanci asusun inshorar lafiya ne ke biyan sa kuɗin jinya a tsakanin.

A Nijeriya ba mu da wannan shimfiɗa a dokar ƙwadago. Sashe na 16 na dokar ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya na kwanakin aiki 12 a shekara tare da albashi, idan likita mai rajista ya ba da shaida, amma bai yi maganar yadda za a dawo ba. Aikin gwamnati ya daɗe da sanin takardar da likita ke rubuta cewa a ba mutum aiki mara nauyi, sai dai takardar takan tsaya a nan. Mene ne aiki mara nauyi ga malamin lissafi? Ga direban motar asibiti fa? Takardar ba ta faɗa. Ke nan duk abin da doka ta bari a buɗe, sai magana tsakanin mutane ta cike shi, kuma idan ba a tsara maganar ba, kowa zai cike gurbin da zatonsa.

Ranar bita kuma ita ce ranar da aka sa tun kafin mutum ya dawo, aka rubuta ta da kwanan wata da lokaci, cewa za a zauna a duba matakin da ake kai. A kan wannan rana yawancin bayanin nan zai tsaya.

"Da sauƙi" gaisuwa ce

Ka tambayi Bahaushe "yaya jiki?" yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, zai ce maka "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ba ƙarya ya yi ba. Godiya ce ga Allah, kuma ladabi ne, domin ba a ɗora wa mai gaisuwa nauyin ciwo. Kuskuren da shugabanni suke yi, ni ma na taɓa yi, shi ne ɗaukar wannan amsa a matsayin rahoto. Ka haɗu da malami a baranda, ka ce "Malam, yaya ƙarfin jiki?", ya ce "da sauƙi, ranka ya daɗe," sai ka koma ofis da tunanin ai ka bincika.

Shi kuma mai dawowa yana da dalilansa na ɓoye gajiya. Yana jin kunyar abokan aikin da suka ɗauki nauyinsa wata da watanni. Yana tsoron kada a ce ya zama kaya. Idan makarantar kuɗi ce ko kamfani, ya san akwai wanda aka ɗauko ya riƙe wurinsa, kuma wancan yana son zama. Sannan akwai bashin asibiti. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar shugaba da kansa ya ce "na kasa" ba. Zai daure har jikin ya yi magana a madadinsa.

Amfanin ranar bita shi ne ta ɗauke masa wannan nauyi. Tun da an riga an rubuta cewa ran Alhamis kaza za a zauna, ba shi ne ya kawo ƙara ba, ba kuma shugaba ne ya kira shi don an ga gazawarsa ba. Rana ce ta zo. A irin wannan zama mutum yana iya faɗin gaskiya mutuncinsa na nan.

Maganar tana farawa tun yana kwance

Na taɓa raka ayarin malamai dubiyar wani abokin aikinmu. Mun cika ɗakin, an ajiye ledar lemo da ayaba da ambulan a gefen katifa, mahaifiyarsa na zaune a bakin ƙofa, ƙaramin ɗansa na leƙe. Bayan addu'a sai shugabanmu na lokacin, da kyakkyawar niyya, ya ce, "To Malam, yaushe muke sa ran ganin ka? 'Yan ajin ƙarshe fa suna ta tambaya." Mutumin ya yunƙura ya gyara zama, ya ce, "In sha Allahu Litinin mai zuwa." Ina kallon fuskar mahaifiyar lokacin da ya faɗa. Ya zo ran Litinin ɗin kuwa, don ya riga ya yi alƙawari a gaban jama'a, kuma bai cika mako uku ba aka sake kai shi asibiti.

Tun daga ranar na raba abu biyu. Dubiya daban, maganar aiki daban. A wurin dubiya ba a tambayar ranar dawowa. Maganar aiki kuwa mutum ɗaya ake wakiltawa ya riƙa yin ta, kuma a tambayi majinyacin wa ya fi so, ta wace hanya, sau nawa. Wani zai ce a kira shi duk bayan mako biyu. Wani zai ce a tura saƙo kawai, zai amsa idan ya samu ƙarfi. Wata ma'aikaciyar za ta fi son mace 'yar'uwarta ta riƙa kiran ta, musamman idan ciwon ya shafi haihuwa ko mahaifa. Abin da ba a so shi ne shiru na wata biyu, wanda majinyaci zai fassara da an manta da shi, ko kuma kira biyar daga mutum biyar kowa da tambayarsa.

Misali guda, daga farko har ƙarshe

Bari in kawo wanda na tsara da hannuna bayan na koyi darasi. Malamin lissafi ne, yana ɗaukar darasi 24 a mako, kowanne minti 40, kuma shi ne malamin aji na wani aji. A ƙarshen Oktoba aka gano yana da tarin fuka, bayan ya daɗe yana tari da zufar dare yana ramewa. Ya yi kusan mako uku a asibiti, sannan ya ci gaba da shan magani a gida.

Maganin tarin fuka irin wanda bai bijire wa magani ba wata shida ake sha. Wata biyu na farko ana haɗa magunguna huɗu, wata huɗu na baya a koma biyu, kuma a Nijeriya kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin da aka tanada. Ana sake gwada majinar ƙirji a ƙarshen wata na biyu, da wata na biyar, da ƙarshen magani. Wannan jadawali na asibiti shi ya zama ƙashin bayan namu. Gwajin wata na biyu ya fito lafiya a ƙarshen Disamba, likita ya rubuta cewa ba ya yaɗa cutar kuma zai iya fara aiki mara nauyi. Zango na biyu zai fara Litinin 6 ga Janairu.

Mun zauna da shi mako guda kafin a koma, makaranta babu kowa, ni da shi kawai. Ban fara da tambayar darasi nawa zai iya ba, don na san zai ce duka. Na tambaye shi yadda yininsa yake tafiya a gida. Ya ce yana shan maganin da asuba kafin ya ci komai, yakan ji tashin zuciya har wajen ƙarfe takwas da rabi, daga nan ya samu ƙarfi zuwa sha biyu, bayan azahar kuwa sai kwanciya. Ya ce idan ya taka zuwa masallacin unguwa ya dawo sai ya zauna ya huta. Daga wannan bayani jadawalin ya fito da kansa: ba darasin farko na safe, ba abin da ya wuce sha biyu, ba hawa bene.

Muka rubuta a shafi ɗaya. Mako na ɗaya da na biyu zai zo Litinin, Laraba da Alhamis, daga tara zuwa sha biyu, darasi 8 a mako. Mako na uku da na huɗu kwana huɗu, darasi 14. Mako na biyar da na shida kwana biyar, darasi 18. Daga Litinin 17 ga Fabrairu ya koma 24 ɗinsa. An ɗauke masa aikin malamin aji da tsaron taron safe har ƙarshen zango, an sauko da azuzuwansa ƙasa, an ba shi ajin da ke da farin allo saboda ƙurar alli a kan ta hunturu. A ƙasan shafin muka sa ranakun bita uku, duk Alhamis da ƙarfe sha biyu da kwata a ofishina: 16 ga Janairu, 30 ga Janairu, 13 ga Fabrairu. Ya sa hannu, na sa, shugaba ya sa, kowa ya riƙe kwafi.

Akwai dalilin da ya sa kowace ranar bita ta faɗo ran Alhamis ta ƙarshen mataki. Idan aka zauna a farkon mako, mutum ya huta Asabar da Lahadi, zai ga kamar garau yake. Ran Alhamis gajiyar mako ta taru, abin da za a gani shi ne gaskiyar jikin. Sannan akwai sauran Juma'a da za a sanar da masu riƙon azuzuwa idan an sauya shawara, kada su zo ran Litinin su tarar da labari.

Wa ya kamata ya san me?

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma tarin fuka misali ne mai kyau domin mutane suna tsoronsa. Na tambaye shi kai tsaye, "Malam, me kake so a faɗa wa malamai, me kuma ba ka so a faɗa?" Ya yi shiru, sannan ya ce ba ya son a ambaci sunan ciwon a taro, amma idan wani ya tambaye shi da kansa zai faɗa masa.

A kan haka muka raba bayanin. Ni da shugaba mun ga takardar likita, kuma tana cikin fayil a kulle. Mai tsara jadawali ya san kwanaki da awanni da ranar da kowane mataki zai ƙare, bai buƙaci sanin dalili ba. Malamai biyu da suka ci gaba da riƙe sauran darussansa na same su ɗaya bayan ɗaya, na faɗa musu darasi nawa za su riƙe, har zuwa wace rana, da kuma ranar da zan dawo musu da labari. Sauran malamai an tura musu saƙo a zauren WhatsApp na makaranta, bayan shi ya karanta ya amince da kowace kalma:

"Assalamu alaikum. Muna godiya ga Allah, Malam zai dawo aiki ran Litinin 6 ga wata. Bisa shawarar likita zai fara da kwana uku a mako, a riƙa ƙarawa a hankali zuwa tsakiyar Fabrairu. Likita ya tabbatar da cewa babu wata damuwa game da zamansa cikin jama'a. Duk mai tambaya kan jadawali ya same ni a ofis."

Jimlar da ta ce babu damuwa game da zamansa cikin jama'a mun daɗe a kanta. Shi ya so a cire ta, yana ganin za ta jawo tambaya. Ni kuma na san maganar ta riga ta zaga, domin an ga yadda ya rame kafin ya kwanta, an ji tarin. Idan ba a faɗi komai ba, za a riƙa janye kofin shayi, a riƙa matsawa a sahu, ba wanda zai furta dalili. Daga baya ya yarda a bar ta. A ganina idan ciwon na ɗauka ne, abin da abokan aiki suke da haƙƙin sani shi ne ko akwai hatsari a gare su, kuma wannan amsar daga likita take fitowa. Binciken waɗanda suka yi cuɗanya da shi kafin a gano ciwon kuwa aikin ma'aikatan lafiya ne, su suke da hanyar yin sa. Sunan ciwo, da sakamakon gwaji, da irin maganin da yake sha, nasa ne.

Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, kuma tun 2014 akwai dokar da ta hana nuna bambanci a wurin aiki ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Shugaban da ya tashi a taro ya bayyana ciwon ma'aikacinsa, ko da don ya nema masa addu'a ne, ya taɓa abin da ba nasa ba.

Abin da ake yi a ranar bita

Zaman minti ashirin ne ko talatin, ƙofa a rufe, waya a kife. Ba a buɗe shi da "yaya jiki", an riga an yi wannan a gaisuwa. Tambayoyin da ke fito da gaskiya su ne waɗanda ake amsawa da lissafi ko da labari. Cikin kwana shidan da aka tsara, nawa ka samu zuwa? Ranar da ka yi darasi uku a jere, me ka yi da ka isa gida? Washegari ka tashi lafiya? Akwai darasin da ka zauna a tsakiyarsa? Yaushe za ka koma asibiti?

Kuma tun a takardar farko ake rubuta cewa zaman zai ƙare da ɗayan abu uku: a ci gaba zuwa mataki na gaba, a tsaya a inda ake, ko a koma baya taki ɗaya. Rubuta wannan tun farko yana da muhimmanci ƙwarai. Idan tsayawa tana cikin tsarin, ranar da aka tsaya ba wanda zai ce tsarin ya rushe.

Bitar 16 ga Janairu ta tafi lafiya. Ya zo kwana shida cikin shida, muka wuce zuwa darasi 14. Ta 30 ga Janairu ce ta nuna amfanin abin. Ya shigo yana murmushi, ya ce komai lafiya, a ƙara masa. Amma rajistar sa hannu tana gabana, ta nuna ran Talata ta makon farko na wannan mataki ya tafi tun sha ɗaya, ta mako na biyu bai zo ba. Kuma tun da ya zauna na lura ya zare takalmansa a ƙarƙashin kujera yana murza tafin ƙafa ɗaya da ɗaya. Na ce, "Malam, ƙafar fa?" Sai ya ce kwana goma ke nan yana jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa, da dare kamar wuta, tsayuwar darasi biyu a jere tana gagarar sa. Bai faɗa wa kowa ba, yana ganin ƙaramin abu ne a kan abin da ya wuce.

Ni ba likita ba ne, ban kuma yi masa fassarar ciwo ba. Abin da muka yanke shi ne washegari Juma'a ya je asibitin da yake karɓar magani, kuma a tsaya a darasi 14 na ƙarin mako biyu. A can suka gaya masa ɗaya daga cikin magungunan, isoniyazid, yakan taɓa jijiyoyin ƙafa, suka duba yadda yake shan bitamin B6 da ake bayarwa saboda haka, suka gyara masa. Mu kuma muka sa masa kujera mai tsawo a gaban aji, muka raba darussansa kada biyu su haɗu a jere. Muka ja layi a kan tsofaffin ranakun, muka rubuta sababbi: bita ran 13 da 27 ga Fabrairu, cikakken aiki daga Litinin 3 ga Maris. A ranar na je na samu malaman nan biyu na ce musu an ƙara mako biyu, ga sabuwar ranar.

Akwai kuma abin da ba ya jiran ranar bita, shi ma ana rubuta shi. A nasa, ma'aikatan asibitin sun riga sun gargaɗe shi cewa idan idonsa ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya ga jini a tari, ya taho nan take. Mun sa a takardar cewa idan haka ta faru ya tafi asibiti kawai, ya turo saƙo daga baya, ba sai ya nemi izini ba.

Ɓangarorin da ke jan igiyar

Ba daidai ba ne a nuna kamar masu ƙorafi ba su da hujja. Malamin da aka ƙara wa darasi takwas a kan nasa tun Nuwamba shi ma mutum ne, yana da iyali da gajiyarsa. Abin da na lura shi ne, mutane suna iya ɗaukar nauyi mai yawa idan sun san ranar saukewa. Abin da ke cin rai shi ne "ka ɗan riƙe kafin Malam ya warware", maganar da ba ta da iyaka. Saboda haka ranar bita tana yi wa masu riƙo aiki kamar yadda take yi wa majinyaci, da sharaɗin a koma musu da sakamako kowane lokaci, ko da sakamakon shi ne an ƙara wa'adi.

Mai makaranta ko mai kamfani shi ma yana da tasa damuwar: yana biyan albashi cikakke a kan rabin aiki, wataƙila yana biyan wani na wucin gadi. A wurin gwamnati albashi yakan ci gaba da shiga, amma a wurare masu zaman kansu sai abin da takardar ɗaukar aiki ta ce ko abin da aka sasanta. Ra'ayina shi ne idan wa'adin mako shida ne ko takwas, biyan albashi cikakke ya fi araha a kan rasa ƙwararren ma'aikaci a sake neman wani. Idan wurin ba zai iya ba, to a faɗa tun a zaman farko, a rubuta adadin. Mafi muni shi ne mutum ya ga an yanke masa kuɗi a ƙarshen wata ba tare da an gaya masa ba. Wanda aka yi wa haka, a bita ta gaba zai rantse ya warke sarai don a mayar masa da kuɗinsa, daga nan kuma zaman ya zama na banza.

Ga masu aikin yini, tela a shagon wani, ko mai aiki a gidan burodi, ko yaron shago a kasuwa, babu fayil babu ofis. Amma ainihin abin yana yiwuwa da baki a gaban shaida ɗaya: wannan makon da mai zuwa ka zo da safe ka tashi da azahar, ba ɗaukar buhu, kuɗinka kaza, ran Alhamis ta sama mu sake magana. Ranar da aka ambata ita ce ke bambanta wannan da "ka riƙa zuwa yadda ka iya", wadda takan ƙare da maigida yana jin haushi, yaro yana jin kunya, har ɗaya ya daina gaida ɗaya.

Idan wa'adi ya cika ƙarfi bai dawo ba

Tsarin mataki-mataki yana da iyaka. An gina shi ne a kan zaton cewa mutum zai koma yadda yake. Wani ciwon ba haka yake ba. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko mai zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wataƙila ba zai sake ɗaukar aikinsa na da ba. Alamar ita ce a tsaya a mataki ɗaya a bita biyu ko uku a jere ba tare da wani ci gaba ba. A nan ci gaba da ƙara mako biyu-biyu yaudarar juna ce. Sai a koma wurin likita da tambaya takamaimai, a kuma buɗe wata maganar daban: sauya masa aiki na dindindin, ko rage awanni da sabon sharaɗi, ko a aikin gwamnati a bi hanyar kwamitin likitoci. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018 tana nan, kuma ya kamata wakilin ƙungiyar ƙwadago ko wani da mutumin ya amince da shi ya zauna a irin wannan zama.

Malamin namu bai kai ga haka ba. Ya koma darasi 24 a farkon Maris, wanda a shekarar ya zo daidai da kamawar azumi, don haka muka ƙara zama ɗaya a mako na biyu na watan, bayan ya tambayi asibiti yadda zai yi da lokacin shan magani. Muka bar rana ta ƙarshe a makon ƙarshe na Afrilu, bayan gwajin kammala magani. Ranar ya shigo da katinsa na asibiti a aljihun gaba, ya ajiye a kan tebur, ya ce an sallame shi gaba ɗaya. Na ɗauko shafin nan da ya sha gyara da jan biro, muka rubuta a ƙasa cewa tsarin ya ƙare, aikin malamin aji zai koma hannunsa daga zango na uku, muka sa hannu, na mayar da shi fayil na kulle.